Tambayoyi da Amsoshi kan Gabatar wa Shugaban Makaranta Shawarar Kafa Uwar Garke don Ajiyar Darussa da Makin Jarrabawa

An tattaro waɗannan tambayoyi daga abin da malaman kwaleji da lise na Maradi suke yawan tambaya idan sun ƙudiri aniyar rubuta wa darakta takardar neman a kafa wurin ajiya guda na makaranta. Misalin da aka yi aiki da shi daga farko har ƙarshe na ƙiyasi ne: kwaleji mai malamai 24, azuzuwa 12 da ɗalibai 700. Kowa sai ya sauya alƙaluman da na makarantarsa.

1. Mece ce uwar garke, kuma me za ta sauya a aikin makaranta?

Kwamfuta ce guda ɗaya da ake ajiyewa a ofis, a bar ta a kunne lokacin aiki, sauran kwamfutocin makaranta kuma suna shiga cikinta ta wayar sadarwa ko ta Wi-Fi domin su ajiye fayil ko su ɗauko. Ba ta buƙatar intanet ko kaɗan, domin hanyar da ke tsakaninta da sauran na'urori ta cikin gida ce, ba ta wuce katangar makaranta ba. Malami zai buɗe folda a kwamfutarsa kamar yadda ya saba, sai dai abin da ya ajiye yana zaune ne a ofis.

Abin da take gyarawa sananne ne ga duk wanda ya taɓa haɗa makin ƙarshen zango. Darasin malamin lissafi yana cikin kwamfutarsa, makin ajinsa yana cikin kile na aljihu, sansar kuma yana da kwafi uku na fayil ɗaya bai san wanne ne na ƙarshe ba. Idan aka yi wa malami canjin wurin aiki a watan Oktoba, shirin darussan shekaru yakan bi shi, wanda ya gaje shi ya fara daga tushe.

2. Me ya hana a ci gaba da kile da WhatsApp, ko a koma ajiyar intanet?

Kile yana ɓata, yana lalacewa, kuma shi ne babban mai yawo da birus tsakanin ofis da shagon buga takardu. Alamar da aka fi gani ita ce a sa shi a kwamfuta a tarar duk foldoji sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a kusurwa, ainihin fayilolin an ɓoye su. WhatsApp kuwa yana da amfani wajen sanarwa, amma bai dace da makin ɗalibai ba, domin da zarar fayil ya shiga zauren malamai ya sauka a wayoyi 24, babu mai iya janye shi, babu kuma mai iya cewa ga wanda ya tura shi gaba.

Ajiyar intanet irin su Google Drive tana da kyau, kuma za a iya amfani da ita a matsayin kwafi na biyu. Matsalarta ita ce ranar da aka fi buƙatarta, wato makon haɗa maki, idan layi ya yi rauni ko kuɗin intanet ya ƙare, aiki ya tsaya. Uwar garke ta cikin gida tana aiki muddin akwai wuta, batun wutar kuma yana cikin amsa ta 5.

3. Me ya kamata takardar shawarar ta ƙunsa, kuma yaya za a fara ta?

Kada ta wuce shafi biyu, kuma kada a buɗe ta da sunayen na'urori. Darakta yana da tambayoyi huɗu a ransa ko da bai furta su ba: wace matsala ake son magancewa, nawa za a kashe, wa zai kula da abin, kuma wa zai iya ganin makin yara. Takardar da ta amsa waɗannan a jere ta fi wadda ta cika da bayanin fasaha samun karɓuwa. Ana iya buɗewa da cewa: "Malam Darakta, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna neman izininku mu gwada wani tsari na ajiye darussa da maki a wuri guda, na tsawon zango ɗaya, da azuzuwan 3e kaɗai."

Neman gwaji na ɗan lokaci yana da muhimmanci ƙwarai, domin yana ba shugaba damar amincewa ba tare da ya ɗaure kansa ba. Ya kamata kuma a rubuta ƙarara cewa rajistar takarda da sa hannun malamai suna nan yadda suke, kuma idan aka samu saɓani tsakanin abin da ke cikin na'ura da takardar da aka sa wa hannu, takardar ce hujja. A ganinmu wannan jimla ɗaya ta fi kowace kwantar wa darakta da hankali, tunda shi ne zai amsa tambaya idan masu duba makarantu suka zo. Kafin a miƙa takardar, a zauna da sansar a nuna masa, domin aikinsa ne zai fi sauyawa, kuma bai kyautu ya fara jin zancen daga bakin darakta ba.

4. Wane kaya ake buƙata, kuma girman ajiya nawa ya isa?

Kwamfutar tebur da ta ɗan kwana biyu ta wadatar idan tana da ƙwaƙwalwar aiki ta 4 GB ko fiye. Sai faifan ajiya a cikinta, faifai biyu na waje domin kwafi, akwatin Wi-Fi, wayar sadarwa da ondilar mai batirin riƙe wuta. A kula cewa wayar sadarwa ta tagulla ba ta wuce mita 100 a zare ɗaya, saboda haka idan ɗakin malamai yana nesa da ofis fiye da haka, sai an sa akwatin raba waya a tsakani. Ita kanta uwar garken a haɗa ta da waya, a bar Wi-Fi ga kwamfutocin malamai.

Lissafin girma yakan ba mutane mamaki. A misalinmu, idan kowane malami ya ajiye 2 GB a shekara, wanda ya yi yawa ma ga rubutu da hotunan zane, jimilla 48 GB ke nan. Maki kuwa ba ya cin wuri: azuzuwa 12 da darussa 10 sun ba da fayil 120 a kowane zango, kuma ko da kowanne ya kai 100 KB, duka 12 MB ne. Idan aka ɗauki hoton takardar sakamakon kowane ɗalibi a 300 KB, ɗalibai 700 sun ci 210 MB. Duk shekara ba za ta kai 60 GB ba, wato faifan 1 TB zai tsufa kafin ya cika. Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne bidiyo, don haka a rubuta tun farko cewa ba wurin ajiyar fina-finai ko hotunan biki ba ne.

Batun farashi kuwa, kada a rubuta shi da ka. A karɓo takardar farashi daga masu sayarwa biyu ko uku a cikin gari a haɗa da shawarar, a raba abin da za a saya sau ɗaya da abin da zai riƙa dawowa, kamar batirin ondilar da faifan da za a sauya bayan wasu shekaru. Kwamitin iyaye da ke kula da kuɗin makaranta zai so ganin wannan rabon.

5. Yaya za a yi da ɗaukewar wuta, zafi da ƙura?

Aikin ondilar shi ne ta riƙe na'urar na ƴan mintoci har a kashe ta cikin tsari, domin yankewar wuta a tsakiyar ajiye fayil ita ce ke lalata shi. Yawancin ondilar masu kafar USB suna iya sanar da kwamfuta cewa wuta ta tafi, ta kashe kanta idan batir ya yi ƙasa, kuma ya dace a nemi irin wannan. Idan ana son aiki ya ci gaba ko da wutar NIGELEC ta ɗauke na sa'o'i, ga lissafin: kwamfuta da akwatin Wi-Fi tare suna iya cin kimanin wat 40, cikin sa'o'i 10 sun ci 400 Wh. Batir mai 12 V da 100 Ah yana ɗauke da 1200 Wh, amma irin na dalma rabinsa kaɗai ake zuƙa idan ana son ya daɗe, wato 600 Wh, wanda ya isa yini ɗaya na aiki ko da an cire abin da na'urar juya wuta take ci. Makarantar da ke da sola tana iya ɗora wannan ɗan nauyi a kanta.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Maradi, yana gajiyar da faifai da batir duka. A ɗora na'urar a kan tebur nesa da taga, a bar sarari bayanta, kada a kulle ta cikin kabad marar iska da sunan tsaro. Ɗakin ne ya kamata a kulle. Lokacin hunturu ƙura tana toshe fanka, alamarta kuma ita ce ƙara ta ƙaru ko na'urar ta riƙa mutuwa da kanta da tsakar rana, sai a buɗe a hure ta aƙalla sau ɗaya a zango. Da babban hutu ya zo kuma damina ta kankama, a kashe ta a zare wayoyinta saboda tsawa.

6. Wace manhaja za a ɗora a kanta?

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba folda daga Windows na yau da kullum, amma Windows 10 da 11 ba sa barin fiye da haɗi 20 a lokaci guda, kuma na'urar tana jan hankalin mutane su zauna a kanta su yi wani aiki. Shi ya sa muka fi son Linux, kamar Debian ko Ubuntu Server, tare da manhajar Samba mai raba folda ga kwamfutocin Windows, dukansu kyauta ne. Fitowar Ubuntu mai alamar LTS tana samun gyaran tsaro na shekara biyar, 24.04 ta fito a Afrilun 2024. A ba na'urar adireshi tsayayye, malami kuma ya rubuta shi a burauzar fayil ta Windows:

```
\\192.168.1.10\darussa
```

Idan wata rana foldar ta ƙi buɗewa ga kowa alhali na'urar tana kunne, abu na farko da za a duba shi ne ko adireshin ya sauya bayan akwatin Wi-Fi ya sake tashi.

7. Wa zai ga me? Shin kowane malami zai iya buɗe makin kowane aji?

A'a, kuma a nan ne shawarar take tsayawa ko ta faɗi. Darussa da maki abubuwa biyu ne masu hali daban. Darasi yana ƙara amfani idan mutane da yawa sun gan shi, maki kuwa amana ce da ya kamata ƴan kaɗan su taɓa. Wanda ya zuba su cikin folda ɗaya da kalmar sirri ɗaya ya mayar da ofishin sansar ɗakin da aka bar makullinsa a jikin ƙofa. Saboda haka a yi wurare uku. Na farko `darussa`, inda kowane malami ke karanta na kowa amma nasa kaɗai yake iya gyarawa. Na biyu `mika`, inda kowane malami yake da foldarsa ta miƙa maki, shi da sansar kaɗai ke ganinta. Na uku `jarrabawa`, ta darakta da sansar da sakatare, inda ake ajiye makin da aka tabbatar. A Samba, wuri na uku yana kama da haka:

```
[jarrabawa]
   path = /srv/makaranta/jarrabawa
   valid users = @gudanarwa
   read only = no
   browseable = no
```

Layin `valid users` ne ke hana shiga ga duk wanda ba ya cikin rukunin `gudanarwa`, wato darakta da sansar da sakatare. Layin ƙarshe yana ɓoye sunan foldar daga jeri ne kawai, bai isa tsaro shi kaɗai ba. Dole kowane mutum ya samu suna da kalmar sirrinsa, domin idan kowa yana shiga da suna ɗaya, ranar da 07 ya koma 17 a makin wani yaro babu hanyar gano wanda ya taɓa shi, zargi kuma ya hau kan kowa. Samba tana da wani sashe mai suna `full_audit` da ke rubuta wanda ya buɗe, ya gyara ko ya goge fayil, da lokacin da ya yi, kuma ya dace a kunna shi a kan `mika` da `jarrabawa`. A sanar da malamai cewa yana aiki; yana kare mai gaskiya ne kafin ya kama mai laifi.

Wi-Fi ɗin da ke kaiwa ga uwar garke na ma'aikata ne kaɗai, kada a ba ɗalibai ko baƙi. A kuma tuna cewa Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma sunan yaro da ranar haihuwarsa da makinsa suna cikin irin bayanan da ake nufi. Ambaton wannan a takardar yana nuna wa darakta cewa an yi tunanin alhakin da ke wuyansa.

8. Yaya maki zai bi hanya daga hannun malami zuwa takardar sakamako?

A ɗauki malamin lissafi na ajin 3e A a ƙarshen zangon farko. Sansar ya riga ya sa masa fayil mai sunayen ɗaliban ajin a foldarsa ta `mika`, da suna irin `2025-2026_3eA_lissafi_Z1.xlsx`. Malamin ya cika makin aikin aji da na kompozisiyo bisa 20, ya buga a takarda, ya sa hannu ya kai ofis. Sansar ya gwada takardar da fayil ɗin, idan sun dace ya kwashe shi zuwa `jarrabawa`, daga nan malamin ba ya iya taɓa wancan kwafin. Idan daga baya aka gano cewa an rubuta wa wata yarinya 08 alhali takardar amsarta tana nuna 13, malamin zai kawo takardar, sansar ya gyara, a rubuta dalili da kwanan wata a gefen layin. Bayan taron majalisar aji, a mayar da sakamakon PDF a rufe foldar zangon ta zama ta karatu kawai.

Dalilin ba kowane aji da darasi fayil nasa shi ne, idan mutum ɗaya ya buɗe fayil na Excel ko LibreOffice a uwar garke, na biyu zai samu saƙon cewa a kulle yake, karatu kawai zai iya. Babban fayil ɗaya na dukan makaranta yana jawo layi a makon haɗa maki, kuma wanda ya gaji da jira yakan ajiye nasa kwafin da wani suna, a koma gidan jiya.

9. Za a iya ajiye tambayoyin jarrabawa kafin ranar zana ta?

Kada a sa su a `darussa` ko kaɗan. Mafi aminci shi ne su tsaya a hanyar da makaranta ta saba bi har a gama jarrabawar, sannan a zuba su cikin foldar tsofaffin tambayoyi, inda za su amfani masu shirin BEPC na shekaru masu zuwa. Idan darakta ya nace a miƙa su ta na'ura, to ta foldar `mika` da aka bayyana a amsa ta 7, sansar kuma ya kwashe su a ranar.

10. Idan faifan ya lalace ko aka sace na'urar fa?

Tattara komai a wuri guda yana nufin asara ma za ta iya zuwa gaba ɗaya, kuma bai kamata a ɓoye wa darakta wannan ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin. A makarantarmu ta misali, faifan waje na farko yana jone yana karɓar kwafi kowace yamma, na biyu yana hannun darakta a kulle a wani wuri daban, ana musanya su kowace Juma'a. Tunda faifan biyu suna ɗauke da makin yara kuma suna fita daga makaranta bi da bi, a rufe kowanne da kalmar sirri. Umarni irin wannan yana ajiye kwafin kowace rana ba tare da maimaita fayilolin da ba su sauya ba:

```
rsync -a --link-dest=/mnt/ajiya/2025-12-10 /srv/makaranta/ /mnt/ajiya/2025-12-11/
```

Wasu za su ce a sa faifai biyu masu kwafar juna, abin da ake kira RAID 1. Yana taimakawa idan faifai ɗaya ya mutu, amma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ko birus ya lalata, yana lalacewa a duka biyun nan take, don haka bai maye gurbin kwafin waje ba. Domin gogewar kuskure, Samba tana da sashen `recycle` mai ajiye abin da aka goge a wata folda.

Faifai yakan ba da alama kafin ya mutu: jinkiri wajen buɗe fayil, ƙarar ƙwas-ƙwas, ko fayil ya ƙi kwafuwa. Umarnin `smartctl -a /dev/sda` yana nuna lafiyarsa, kuma idan lambar da ke gaban `Reallocated_Sector_Ct` ko `Current_Pending_Sector` ta tashi daga sifili tana hawa, a sauya shi kafin makon jarrabawa. Sau ɗaya a wata a ɗauko fayil ɗaya daga kwafin a buɗe shi a gaban sansar, domin yakan faru faifan waje ya cire ko ya cika, a yi makonni ana zaton ana kwafi alhali babu abin da ake ajiyewa.

11. Wasu malamai ba sa son a ga shirin darussansu. Yaya za a yi da su?

Damuwarsu tana da tushe. Wanda ya shekara goma yana gyara darasinsa na kimiyyar rayuwa ba zai ji daɗi ba idan wani ya kwafe shi ya sa sunansa, wani kuma yana tsoron a mayar da foldar hanyar sa masa ido. A rubuta a takardar cewa sa darasi a `darussa` na ganin dama ne a zangon gwaji, sunan mai shi yana kan kowane fayil, kuma ba za a yi amfani da foldar wajen auna ƙwazon malami ba. Abin da ya zama wajibi shi ne miƙa maki ta hanyar da aka bayyana a amsa ta 8. Dattawan malamai da ba su saba da kwamfuta ba, a zauna da su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin malamai, kada a koya musu a gaban taro.

12. Wa zai kula da ita, kuma me zai faru idan aka yi masa canjin wurin aiki?

A ambaci mutum biyu a takardar, babba da mataimaki, da abin da ke kansu: duba kwafi kowane mako, buɗe wa sabon malami suna, rufe sunan wanda ya bar makaranta a ranar da ya tafi, da hure ƙura kamar yadda aka faɗa a amsa ta 5. Ya dace a roƙi darakta ya amince da wannan a matsayin aikin makaranta, ya rage wa mai yin sa wani nauyi, domin aikin sa kai da babu wanda ya san da shi yakan mutu a zango na biyu.

Babbar kalmar sirri ta na'urar da ta faifan waje a rubuta su a takarda, a rufe cikin ambulan a sa hannu a bakinta, a ajiye wurin darakta. Tare da ita a ajiye ɗan littafi mai bayanin adireshin na'urar, jerin foldoji da masu izinin kowacce, yadda ake musanya faifai, da ranar da aka sayi batir da faifai. Idan mai kula zai tafi, ya zauna da magajinsa su dawo da foldar zango ɗaya daga kwafin waje tun daga farko har ƙarshe, magajin ne kuma zai riƙe madannai yayin da shi yake kallo. Bayan haka a sauya kalmomin sirrin, a sa sabuwar ambulan, darakta ya sa hannu a littafin da kwanan watan miƙa aikin.